Inshorar gobara da sata a kan siton masarata: sun biya, amma kashi biyu cikin uku

Ina noman masara a wajen Saminaka, cikin ƙaramar hukumar Lere ta jihar Kaduna. Ina da sito na bulo mai rufin kwano a bayan gari, inda nake ajiye amfanin gona sai bazara ta yi sannan in sayar. A kakar 2023 na zuba buhu 300 a ciki, kuma a lokacin ne na fara yin inshorar gobara da sata. Na zaɓi tsarin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, saboda hankalina ya fi kwanciya da shi ta fuskar addini. Sau biyu na nemi diyya a cikin shekarar inshorar, aka biya ni ɗaya, aka hana ni ɗaya.

Ejan ɗin kamfanin ya zo har sito, ya auna ginin, ya ɗauki hotuna, ya rubuta lambobin injin casa da injinan ban ruwa guda biyu. Aka kasa dukiyar gida uku, kowanne da kuɗinsa: gini naira miliyan 6, injina miliyan 3, masara miliyan 12. Lissafin masarar ni na yi shi da kaina, buhu 300 a kan naira 40,000, wato yadda ake sayarwa a kasuwarmu a makon. Abin da na biya na shekara ya kai kusan naira 140,000, kuɗin buhu uku da rabi ke nan. Ya gaya mini tun farko cewa dokar Najeriya ba ta yarda da bashi a wannan harka ba, sai kuɗi sun shiga sannan inshora take fara aiki. Ya kuma ba ni shawarar in ƙara wutar daji a cikin yarjejeniyar, domin ba kowace takardar gobara ce take ɗauke da ita ba sai an nema. Wannan shawara ita ta cece ni, kuma har yau ina gode masa.

A watan Maris na 2024 wutar ta zo. Yara masu farautar gafiya ne suka cinna wa ciyawar bayan sito wuta da rana tsaka, iska ta kwaso ta, ta shiga ta tagar bayan ɗaki inda na tara tsofaffin buhunan leda. Kafin mutanen unguwa su ci ƙarfinta ta lashe layin da ke jikin bango, ta lanƙwasa kwanon wannan ɓangaren. A daren na buga wa ejan waya. Abu na farko da ya ce shi ne: "Alhaji, don Allah kada a share komai, kada a kwashe toka, a dai raba mai kyau da wanda ya ƙone, a ɗauki hoto." Washegari na kai rahoto ofishin 'yan sanda na karɓi takarda.

Bayan kwana huɗu mai tantance asara ya iso. Mutumin kirki ne, amma ba ya karɓar magana sai da shaida. Littafin sito ya fara nema, inda nake rubuta buhun da ya shiga da wanda ya fita da kwanan wata. Ba don wannan littafin ba, da ban san yadda zan tabbatar da yawan buhunan da suka zama toka ba. Wuta ta taɓa buhu 120. Muka tsince, muka sheƙe, aka sami abin da ya kai buhu 30 mai kyau, ya rubuta asarar buhu 90.

A nan ne lissafina da nasu suka rabu. Farashin masara ya tashi ƙwarai a wannan ranin, buhu ya kai naira 60,000 a wajenmu. Ni a raina buhu 90 sau 60,000, naira miliyan 5.4 ke nan, kuma tunda inshorata ta miliyan 12 ce, ai akwai sarari. Sai ya buɗe takardar ya nuna mini wani sharaɗi da ban taɓa karantawa ba. Ma'anarsa ita ce, ranar gobara ake duba darajar duk hatsin da ke cikin sito, a gwada da kuɗin da aka yi wa inshora. A ranar buhu 300 ɗina sun kai miliyan 18, ni kuwa miliyan 12 na rubuta. Ke nan kashi biyu cikin uku kaɗai na yi wa inshora, ɗayan kashin ni na ɗauki nauyinsa da kaina ba tare da na sani ba. Don haka kowace asara kashi biyu cikin uku za su biya: miliyan 3.6. Daga ciki aka cire kashi 10 cikin ɗari da yarjejeniyar ta ce mai kaya ne zai ɗauka a kowace asara, wato naira 360,000. Abin da ya shigo asusuna na masara naira miliyan 3.24 ne, kuɗin buhu 54 a farashin ranar. Gyaran kwano lissafinsa daban, kuma ban sami matsala da shi ba. Daga gobara zuwa biya mako bakwai aka yi.

Raina ya ɓaci sosai, har na yi tunanin kai ƙara hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora. Da ƙanena ya karanta mini takardar layi-layi sai na ga ba su saɓa abin da na sa wa hannu ba. Inda nake ganin laifinsu shi ne, duk wanda ke sayar wa manomi inshorar hatsi ya san farashin kaka ba shi ne na bazara ba. Manomi ma don wannan tashin yake ajiya. Ya kamata a faɗa mini da Hausa, baki da baki, cewa idan farashi ya hau in kira a ƙara kuɗin. Abin da zan biya a kan ƙarin inshorar miliyan 6 na sauran watannin ba zai kai kuɗin buhu ɗaya ba.

Maganar sata gajera ce. A watan Janairu, kafin gobarar, aka ɗauke mini injin ban ruwa ɗaya a fadama cikin dare. Suka ƙi biya, domin inshorar ta shafi abin da ke cikin sito ne, kuma sai an shiga da ƙarfi, an fasa ƙofa ko an ɓalle kwaɗo ko an huda bango. Injin da aka bari a bakin rafi ba ya ciki. Haka nan idan mai gadi ko yaron gida ya buɗe da makulli ya riƙa zare buhu ɗaya-ɗaya, wannan ma ba sa biya. Ɓarnar ƙwari da ɓera da ruɓewar hatsin da bai gama bushewa ba duk suna waje. Injin kuma ko an fasa an ɗauke shi, sai sun rage kuɗin tsufansa, ba kuɗin sabo za su bayar ba. Wanda yawancin injinansa a gona suke kwana, wannan ɓangaren ba zai amfane shi da yawa ba sai ya nemi a rubuta masa wata yarjejeniya ta daban.

Na sabunta da su duk da haka. Yanzu ina rubuta masara a kan farashin da nake zaton za ta kai, kuma ranar kasuwa ta farko a kowane wata ina tura wa ejan yawan buhunan da suka rage da farashin ranar, in karɓi amsarsa a rubuce. Littafin sito a gida yake kwana, ba a cikin sito ba. Na share ciyawa taku goma kewaye da ginin tun kafin hunturu, na sa wa tagar baya raga, buhunan leda kuma na mayar da su wani ɗaki can gefe.