Ta goge mini yatsa, ta haɗa da sifirin bashin Baba

Ba zan kama sunan manhajar ba, masu ɗaukar hoton kaye da waya sun san wadda nake nufi, mai miƙe shafi da goge yatsu. Kwana uku na farko na yi ta yabonta har ƙannena suka gaji da ji. A rana ta huɗu ta kusa sa mu yafe wa wani Alhaji jikka 40 da rabi ba da saninmu ba.

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, Kawu ya ce kafin a zauna rabon gado a aika wa Yaya kayen bashin shagon Baba na Kasuwar Dole a Damagaram, tunda shi yana Yamai. Kaye ne mai shafi 300, mai ɗinkin zare, ya sha hannu har ya kumbura. Mai fotokofi ya ce sai an danne shi da ƙarfi a kan inji, na ga zaren zai tsinke, na karɓo abina. Hoton waya kuwa kowa ya san yadda yake fitowa: shafin ya yi doro kusa da ɗinki, rubutun ya gangara cikin kwarin tsakiya, ga baƙar inuwa kwance a wurin, ga babban yatsana a kowane hoto kamar shi aka ce a ɗauka.

Wajen miƙe doron nan, gaskiya ba ni da abin cewa. Kayen irin na lakkwal ne mai manyan murabba'ai da ƙananan layuka a tsakani, to layukan su ne alƙalai. A hoton asali suna lanƙwashewa kamar baka idan sun doshi tsakiya, bayan gyara sai ga su a miƙe sambal. Na ɗauki shafi biyu a bugu ɗaya, ta raba su da kanta, yatsana ya ɓace kamar ban taɓa kayen ba. Na gama a zama uku, na haɗa PDF, na tura wa Yaya ina jin kaina.

Washegari bayan la'asar sai ga kiransa.

"Kai, ka duba shafin Alhajin nan na Tanut kuwa? Buhu biyu na gero a 4500? A wace kasuwa?"

Na ce, "Yaya, abin da Baba ya rubuta ke nan, ni ban taɓa komai ba."

"Buɗe kayen ka gani da idonka."

Na buɗe. 45000 ne rubuce da bik, sarai. Baba yana sa kuɗi a ƙarshen layi, a shafin hagu kuwa ƙarshen layi yana bakin ɗinki ne, daidai inda na danna yatsa don kada kayen ya rufe. Bashin a layin ƙarshe yake, yatsana ya hau sifirin ƙarshe. Manhajar ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin yatsa. Cire shi take yi ta shafe gurbin da launin takardar da ke kewaye, sai wurin ya zama kamar ba a taɓa rubutu a kai ba. Da ta bar mini yatsan, da Yaya ya gani ya ce in sake ɗauka. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ko gargaɗi babu.

Da na zuƙo hoton sosai sai na ga tabon. Ƙananan layukan kayen sun dushe a wani ɗan wuri mai girman kan yatsa, biyu ma sun katse sun ci gaba a karkace. Da wannan alama na bi shafukan duka a daren, na sami wasu wurare huɗu. Uku ba komai a ƙarƙashi, ɗaya ya cinye rabin kwanan wata.

Ina cikin wannan bincike na gano ta biyu. Akwai saitin da ke wanke inuwa ya mayar da shafi fari fat da baƙin rubutu. A kan bik yana da kyau. Amma duk wanda ya biya wani abu, Baba da fensir yake rubutawa a gefe, kuma fensirin da ya faɗa cikin inuwar tsakiya an wanke shi tare da inuwar. Wato bayan bashin da aka rage, da mun je mun tambayi wata baiwar Allah kuɗin da ta riga ta biya. Ina za mu kai wannan kunya a unguwar Birni?

Sai na sake aikin daga farko, kuma a nan ne na yarda rabin laifin nawa ne. Ni na ba ta mummunan hoto na ce ta gyara.

Na daina shimfiɗa kayen ya buɗe gaba ɗaya. Rabi nake buɗe shi, shafin da zan ɗauka a kwance kan tabur, ɗaya ɓarin a tsaye jingine da bango. A haka ɗinkin ba ya jan takardar sama, doron ya kusa ɓacewa tun kafin manhaja ta sa hannu, zaren ma ya huta. Sai na bi shafukan hagu duka, sannan na juya kayen na bi na dama, na jera su daga baya. Shafi ɗaya a bugu ɗaya, aikin ya ninka, amma harafin da ke bakin ɗinki ya fito da faɗinsa. Wanda ya riga ya nutse cikin kwari, manhajar jan shi kawai take yi, ya fito a dushe.

Inuwa kuma ashe daga inda haske ya fito ne. Da farko taga tana gefena, hasken yana tsallake doron shafi ya bar duhu a kwari. Na juya tabur a zaure yadda hasken ƙofa zai shigo daga saman kayen ya bi tsawon ɗinkin, da hantsi, ba rana kai tsaye ba. Inuwar ta tafi da kanta. Na kashe fitilar waya, don tana sa fensir ƙyalli. Na ɗaga wayar kamar kamu biyu daga takarda na danna `2x`, ta haka inuwar hannuna ba ta faɗa kan shafin, gefunansa kuma ba sa bauɗewa. Yatsa kuwa na raba shi da tsakiya kwata-kwata. Ƙanwata ta riƙe ɓarin da ke tsaye, ni na danne bakin shafin na waje da rula inda babu rubutu. Na kashe goge yatsu, na bar hoton da launinsa.

Na gwada gilashi ma, wani ɗan yanki da na karɓo wajen masu taga. Yana kwantar da shafi sosai, sai dai yana nuno wayar da fuskata, kuma ba ya shiga cikin kwarin. Na ajiye shi bayan shafi goma.

To yanzu me zan ce? Ina amfani da manhajar har yau, don ɗan doron da ya rage tana miƙe shi tsaf, kuma ga ɗalibin da zai ɗauki darasin abokinsa ta isa har ta yi yawa. Amma duk sanda na tuna kiran Yaya sai raina ya sake ɓaci. Goge yatsun nan a kunne na same shi, ban kunna ba, kuma ba inda aka nuna mini cewa an shafe wani wuri. Tauraro uku na ba ta, da na tuna fensirin Baba na koma na rage ɗaya.

Ranar zaman, Kawu ya ƙi kallon wayar ma. Ya ce, "Ɗana, miƙo kayen nan." Da shi aka yi lissafi, Yaya yana bi a PDF daga Yamai, shafi bayan shafi, wannan karon ba inda suka saɓa.