Gyaran rahoton da mutum biyar suka rubuta: a bar wa na'ura ko a bi shi da ido?

"Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta manoma a nan Kaduna ta haɗa rahoton shekara mai shafi 120, mutum biyar suka rubuta, kowa da babinsa. Wani ya rubuta 'ilmi', wani 'ilimi', wani bai sa lanƙwasa ba sam. Babi ɗaya na cewa 'an raba taki', na gaba na cewa 'za a raba'. Sati ɗaya ya rage mu kai maɗaba'a. In yi amfani da Find and Replace ne, ko in zauna in karance shi duka?"

Wa alaikumus salam, Malama. Duka biyun za ki yi, amma kowanne da inda yake ci. Kafin ki taɓa ko ɗaya, ki ajiye kwafin asali a gefe, sannan ki buɗe takarda guda mai layi uku: siffar da aka zaɓa, siffofin da aka yar, da lambar shafin da kika fara ganinsu. Karanta shafi biyar daga kowane babi ya isa ya fito miki da yawancin saɓanin, domin kowane marubuci yakan maimaita ɗabi'arsa. Inda aka yi gardama kan rubutun kalma, ku tsayar da alƙali ɗaya, misali Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, kada a riƙa yanke hukunci daban a kowane babi.

A fannin rubutun kalma, na'ura ta fi ido nesa ba kusa ba. Ido yakan gaji, ya wuce "ilmi" sau goma bai lura ba, ita kuwa ba ta tsallake ko ɗaya. A Word ki danna Ctrl+H, ki buɗe More, ki sa alama a Use wildcards, ki rubuta:

```
Find what:    <([Ii])lmi
Replace with: \1limi
```

Wannan zai kama "ilmi", "Ilmi" da "ilmin" a bugu ɗaya, ya bar babban harafi inda yake. Ki kashe Track Changes kafin irin wannan musanya, domin yakan hargitsa jerin haruffan. In kina son ganin abin da ya sauya, Compare da ke ƙarƙashin Review zai gwada miki sabon da kwafin asali. Haka za ki yi da "ya na" zuwa "yana", da "zasu" zuwa "za su".

Inda na'ura ke ɓarna shi ne lanƙwasa. A ce marubucin babi na 3 ya rubuta "kasa" ko'ina, kika musanya da "ƙasa" ta Replace All. Nan take "kasafin kuɗi" ya zama "ƙasafin kuɗi", "kasancewa" ta zama "ƙasancewa". In kin sa alama a Find whole words only waɗannan sun tsira, amma "manoma sun kasa biyan bashi" za ta koma "sun ƙasa biyan bashi", domin kasa kalma ce mai zaman kanta. Haka "kara" take, a rahoton noma tana iya zama karan masara, tana iya zama ƙari. Ƙa'idar ita ce: kalmar da ba ta da ma'ana sai da lanƙwasa, kamar "ɗauka", ki musanya ta gaba ɗaya. Wadda take da ma'ana ta fuska biyu, irin su kasa da ƙasa, da da ɗa, bari da ɓari, ki bi ta ɗaya bayan ɗaya da Find Next. Ki kuma dubi adadin da Word ya ce ya sauya. In kina zaton talatin ya ce 400, ki danna Ctrl+Z tun kafin ki ci gaba.

A fannin lokacin aiki kuwa, wato ko jimla ta nuna an yi, ana yi ko za a yi, lamarin ya juye, ido ne kaɗai ke iyawa. Dalili shi ne Hausa tana da siffa biyu ta aikin da ya wuce, kuma ginin jimla ne ke zaɓar wadda ta dace. Muna cewa "manoma sun karɓi iri", amma "manoman da suka karɓi iri". Duka daidai ne, a shafi ɗaya ma. Wanda ya musanya "suka" da "sun" don a daidaita, ya lalata kowace jimla mai "da", "wanda" ko "lokacin da". Abin da za ki tsayar shi ne ranar da rahoton yake magana daga gare ta, a ce 31 ga Disamba. Duk abin da aka gama kafin ranar ya ɗauki "an" ko "sun", wanda ke gudana ya ɗauki "ana", wanda bai zo ba "za a". Yawancin "za a raba" da kike gani an kwafo su ne daga takardar neman tallafi da aka rubuta kafin damina. A nan na'ura za ta taimaka da nuni kawai: ki nemi "za a", "za su" da "zai", ki sa Highlight All, sannan ki tambayi marubucin ko an yi aikin ko ba a yi ba. Wannan tambaya ce ta gaskiyar lamari, kada ki amsa ta da zato, domin "an raba buhu 200 a Soba" da'awa ce da za a iya tuhumar ƙungiya a kanta.

Kalmomin fannu suna tsakiya, kuma su suka fi cin lokaci. Babi na 2 ya ce "filin gwaji", na 4 ya ce "gonar gwaji". Kin zaɓi gona. Musanyar ba ta ƙare a nan ba, domin fili namiji ne, gona mace: "filin gwajin da ke Giwa ya ba da buhu 40" dole ta koma "ta ba da", "shi" ya koma "ita", "nasa" ya koma "nata", wani lokaci har jimla biyu a gaba. Kafin ma ki haɗe kalma biyu, ki tabbatar abu ɗaya suke nufi. Maganin ƙwari daban, maganin ciyawa daban, ko da wani ya kira su duka "maganin feshi". Eka ba hekta ba ce, hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, kuma buhun taki mai kilo 50 ba ɗaya yake da buhun masara mai kilo 100 ba. In aka daidaita sunan aka bar lambar, rahoton ya yi kyau a ido amma lissafinsa ƙarya ne.

Abu biyu kada ki taɓa: sunan hukuma ko shiri kamar yadda yake a takardunsa, da maganar manomi da aka sa cikin baka. In dattijo ya ce "munka shuka", karin harshensa ne, a bar masa.

Ga yadda satin zai ishe ki. Rana ta farko takardar zaɓi, ki tura wa marubutan biyar su amince. Ta biyu aikin na'ura. Kwana uku na karatu, ki ƙiyasta shafi takwas zuwa goma a awa, wato awa 12 zuwa 15, kina duba lokacin aiki da jinsi tare. Mutum ɗaya ya yi wannan karatun, in aka mayar wa kowa babinsa saɓanin zai dawo. Rana ta shida ki duba abin da nema ba ya gani, wato rubutun da ke cikin hotuna da zane-zanen alƙaluma, ki sabunta jerin abubuwan da ke ciki da Update Table. Ki kai wa maɗaba'a PDF, kuma ki nemi su buga miki shafi ɗaya mai ɓ, ɗ da ƙ ki gani da idonki, domin in salon haruffansu ba shi da lanƙwasa, akwati ko alamar tambaya za ta fito a gurbinsu.