Gargaɗi: Masu Cewa Za Su Rubuta Maka Jarrabawar Intanet Idan Ka Biya

Duk lokacin da jarrabawa ta gabato, akan ga wata irin talla tana yawo a zaurukan ɗalibai da akwatunan saƙo. Mai tallar yakan ce shi ƙwararre ne da zai rubuta maka jarrabawar da ake yi ta intanet, ko kuma ya ce tambayoyin suna hannunsa tun kafin ranar, ya haɗa da hotunan sakamakon wasu da ya ce sun ci ta hannunsa. Yawancin masu faɗa wa tarkon suna tunanin mafi munin abin da zai same su shi ne su yi asarar kuɗi, alhali kuɗin ne mafi sauƙin abin da suke miƙawa. Ga yadda wasu abokai biyu, Kabiru da Nura, suka tattauna batun lokacin da ya rage kwana goma su zauna jarrabawar wani kwas da suke yi tare.

Kabiru ne ya fara magana, ya ce: "Nura, akwai shawarar da nake nema, amma don Allah ta tsaya tsakaninmu. Na samu wani mutum da ya ce zai rubuta mini jarrabawar nan. Rabin kuɗin zan ba shi kafin alƙalami, sauran kuma sai sakamako ya fito, har ya yi alkawarin mayar mini da kuɗina idan ban ci ba."

Nura ya tambaye shi: "Ban da kuɗin, me kuma ya nema a wurinka?"

"Sunan da nake shiga shafin makaranta da shi da kalmar sirrina, sai hoton katin shaidata na ɗalibi. Ya kuma ce in sauke AnyDesk, wata manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, a kwamfutata, domin ranar jarrabawa ni zan zauna gaban kyamara, shi kuma yana amsa tambayoyin daga can inda yake."

"To shi fa, me ka sani game da shi? Ka san sunansa na gaskiya, ko ƙasar da yake zaune?"

Kabiru ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Lambar da yake turo saƙo da ita kawai na sani. Amma ya nuna mini hotunan sakamakon mutane da yawa."

"Abokina, hoton sakamako ai ko yaro zai iya haɗa shi a waya cikin minti biyar. Ka duba cinikin da kyau. Shi zai san cikakken sunanka da makarantarka da lambarka ta ɗalibi da fuskarka, kuma yana riƙe da saƙon da ka rubuta da hannunka kana neman a yi maka sojan gona. Kai kuwa ba ka da komai nasa sai lambar da zai iya jefarwa gobe. Idan ya karɓi rabin kuɗin ya ɓace, wurin wa za ka kai ƙara? Za ka je ka ce wa makaranta wanda ka biya ya yi maka satar jarrabawa ya cuce ka?"

"Ka san halin da nake ciki, Nura. Aiki ya hana ni karatu, babi takwas ne a kwas ɗin, kuma huɗu kawai zan iya cewa na fahimta. Idan na faɗi sai na sake biyan kuɗin kwas ɗin gaba ɗaya."

"Huɗu cikin takwas ai rabin tafiya ne, kuma makin cin jarrabawar hamsin ne cikin ɗari. Ka ba ni awa biyu kowane dare. A daren farko za mu ɗauki tambayoyin gwaji da malamin ya saka a shafin kwas, ka amsa su littafi a rufe, domin mu ga ainihin inda kake tuntuɓe, ba inda kake zato ba. Daga nan mu ba babi huɗun da suka rage dare shida: masu wuyar guda biyu dare bibbiyu, masu sauƙin dare ɗaiɗai. Kowane zama za mu fara da minti ashirin ina yi maka tambayoyi kan abin da muka yi jiya, kai ma ka yi mini, don ni ma babi na shida bai zauna mini ba. Dare biyu kuma mu yi cikakken gwaji da agogo, a kan kwamfutar da za ka yi jarrabawar da ita. Daren ƙarshe ka yi barci."

"Idan kuma duk da haka na faɗi?"

"Sai ka sake zama, kamar yadda mutane da yawa suka sake. Amma wanda aka kama da sojan gona ba sake zama ake ba shi ba, kwamitin ladabtarwa yake fuskanta, kuma hukuncin yakan kai ga dakatarwa ko kora. Tura wa mutumin nan cewa ka fasa, ka toshe lambarsa, ka ɗauko littafinka."

Abin da Nura ya hango shi ne ginshiƙin wannan sana'a, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Damfarar takan zo ta fuska uku. Mafi sauƙi ita ce a karɓi kafin alƙalami a toshe ka, shi ya sa suke nacewa a biya su ta hanyar da kuɗi ba ya dawowa, kamar kuɗin kirifto ko lambar katin kyauta, ko kuma asusun wani mutum dabam wanda sunansa bai yi daidai da na mai tallar ba. Ta biyu ita ce a yi ta tatsar ka kaɗan-kaɗan: yau a ce sai an biya wani na ciki, gobe a ce manhajar tsaron jarrabawar ta canza, ana buƙatar ƙarin kuɗi, kai kuma saboda abin da ka riga ka zuba sai ka kasa janyewa.

Ta uku ita ce mafi muni, kuma takan zo ne bayan ɗalibi ya ɗauka komai ya wuce. Mako biyu ko wata guda bayan jarrabawa, sai saƙo ya shigo ɗauke da hoton hirarku da rasit ɗin kuɗin da ka tura da adireshin imel na shugaban sashenku, tare da wa'adin kwana ɗaya ko biyu: ka biya kuɗin toshiyar baki ko a tona asiri. Samun adireshin shugaban sashe ba wuya gare su, tunda ka ba su kalmar sirrinka sun shiga shafinka sun ga kowa. Wanda ya biya sau ɗaya ya nuna musu cewa yana jin tsoro kuma yana da abin biya, don haka sukan dawo. Hujjar kuma ba ta tsufa, domin makarantu da hukumomin ba da shaidar ƙwarewa suna da ikon soke takardar da aka samu ta hanyar maguɗi ko bayan an kammala karatu. Wato a nan cin jarrabawar ma ba tsira ba ne, ƙara wa ɗan damfara abin riƙo ne kawai.

Su kuma masu cewa tambayoyin suna hannunsu, ɗan lissafi kaɗan ya isa ya fallasa su. Jarrabawar intanet da yawa daga rumbun tambayoyi ake ɗebo ta, kowane ɗalibi kwamfuta ta zaɓo masa nasa, ta kuma jujjuya jerin amsoshin. A ɗauka rumbun yana da tambayoyi 300, kowa ana ba shi 40, mai sayarwa kuma da gaske ya samu 60 daga ciki. Sittin kashi ɗaya ne cikin biyar na rumbun, saboda haka abin da za ka yi tsammanin gani a takardarka bai wuce tambayoyi takwas ba cikin arba'in, wato maki 20 cikin ɗari. Wannan ma idan tambayoyin na gaskiya ne kuma amsoshinsa daidai ne, alhali sau da yawa tsofaffin tambayoyin gwaji ne da ke shafin kwas kyauta, ya sake musu riga ya sayar maka.

Batun sarrafa kwamfutarka daga nesa ma ba shi da sauƙin da suke faɗa. Jarrabawar da ake sa wa ido takan buƙaci ka nuna katin shaida, ka zagaya ɗakin da kyamara, ka kuma yi amfani da burauza ta musamman da ke kulle allon, wadda takan ƙi buɗewa ko ta kai rahoto idan ta ga manhaja irin AnyDesk ko TeamViewer tana aiki. Shafin makarantar yana ajiye adireshin IP, wato lambar da ke nuna daga inda aka shiga intanet, da lokacin kowace shiga, don haka idan an shiga asusunka daga wata ƙasa da dare sannan ka shiga daga gida da safe, yana nan a rubuce. Mai duba bidiyo kuma yana iya ganin amsa tana bayyana a allo alhali hannuwanka ba su motsa ba. Waɗannan manhajoji halas ne, masu gyaran kwamfuta suna aiki da su kullum, amma wanda ka ba izinin shiga da su yana iya ganin fayilolinka da imel ɗinka da duk asusun da ka bari a buɗe a burauza, har da na banki.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan kasuwanci laifi: Ostireliya ta yi doka a 2020, Ingila kuma a 2022, dukansu suna hukunta mai sayar da irin wannan hidima da mai tallata ta. Wannan ma dalili ne da ya sa masu yin ta suke ɓoye suna da mazauni, su bar ɗalibi shi kaɗai da sunansa a fili.

Wanda ya riga ya shiga hannunsu, abu na farko shi ne ya daina tura kuɗi, ko da barazanar ta yi zafi. Ya canza kalmar sirrin shafin makaranta da ta imel ɗinsa daga wata na'ura dabam, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya goge manhajar sarrafawa daga nesa, ya kuma sanar da bankinsa idan ya taɓa buɗe asusunsa a kan wannan kwamfutar. Kada ya goge hirar da suka yi, duk da cewa zuciya za ta so hakan, domin ita ce shaidar cewa ana yi masa barazana, kuma karɓar kuɗi ta hanyar barazana laifi ne da ake kai wa 'yan sanda. Idan jarrabawar ba ta riga ta zo ba, ya zauna ya rubuta ta da kansa. Idan kuwa an riga an yi maguɗin, ya nemi mai ba ɗalibai shawara ko wakilin ƙungiyar ɗalibai, ya ji yadda dokar makarantarsa take game da wanda ya kai kansa, kafin saƙon ɗan damfarar ya riga shi isa ofishin shugaban sashe.