Saitin wankan jarirai "oganik" da na saya, da abin da ya yi wa kumatun yarinyata

Kun dai san saitin nan da ake ta talla a sitatus, mai sabulu da mai da hoda da ɗan turare a kwando ɗaya an ɗaure da ribon, ba sai na faɗi kuɗinsa ba duk wadda ta taɓa tambaya ta san ba araha gare shi ba. To ni na saya, kuma ba dan gayu na saya ba, yarinyata ce tana wata uku da 'yan kwanaki na fara jin kumatunta sun yi kaushi, in na shafa sai in ji kamar na taɓa takardar goge katako, ga wasu 'yan ƙuraje ƙanana ƙanana a goshi da bayan hannunta. Lokacin farkon Disamba ne hunturu ya fara kankama a Kano, kowa fatarsa a bushe take, shi yasa ban ɗauke shi komai ba.

Abin da ya ruɗe ni shi ne ni a sanina irin wannan ciwon na ekzimar jarirai ja yake yi, dan duk hoton da na taɓa gani na yaran turawa ne kumatu jajir. Tawa kuwa baƙa ce kamar ubanta, wajen bai yi ja ba sam, duhu ya ƙara yi, samansa kuma furu-furu kamar an barbaɗa toka. Hajiya, wato surukata, ta duba ta ce ƙurajen zafi ne, ni kuma a raina na ce zafi a Disamba? Amma dai na yi shiru. Abin da ya kamata in lura da shi tun lokacin shi ne yadda take goga fuskarta, in na ɗauke ta sai ta dinga murza kumatu a rigata, in na kwantar da ita ta dinga juya kai a zanin gado hagu dama hagu dama. Ni da babanta har dariya muke muna cewa rigima ce, ashe ƙaiƙayi ne ya ishe ta, yaro ɗan wata uku ai bai iya kai farce ya sosa inda yake so ba, da abin da ya samu yake susa.

Gaskiya in za a yi adalci kayan sun zo da wuri, kwandon ya yi kyau, ƙamshi kuwa kamar ka buɗe shagon turare. Mai kayan ma da fara'arta, Hajiyata kaza Hajiyata kaza, ta ce kwana uku fatar beby zata koma sumul.

Kwana ukun kuwa aka yi. Daren na uku yarinyar nan bata runtsa ba nima ban runtsa ba, kuka take tana banƙarewa, na bata nono ta kama ta saki, na goya ta tana ta dirzar fuska a bayana. Da asuba da na haska ta sai na ga kumatun dama ya tsage yana ɗan tsatsafo da ruwa, ƙasan kunnenta inda ya haɗu da kai shima ya dare, wuyanta kuwa hodar ce ta cakuɗe da zufa ta dunƙule a cikin ninkin. Na ɗauki hoto na tura wa mai kayan, wallahi amsar da ta bani ita ce har yau take ci min rai, wai "Hajiyata kar ki damu dattin fatar ne yake fitowa, ki ci gaba, in kin ga dama ki sayi kirim ɗin nan mai aiki uku a kemis ki haɗa da man kaɗe." Dattin me a jikin jaririyar da ko rarrafe bata fara ba? Na juya robar man in ga me aka haɗa a ciki, babu komai, sunan kaya ne kawai da lambar waya da hoton wani jariri yana dariya.

Ranar muka tafi asibiti. Likitar mace ce, bata fara da fuskar ba ma, cewa ta yi in cire mata famfas. Ta duba ta ce Maman beby kin ga nan lafiya lau ko? Na ce eh. Ta ce to wannan yana cikin abin da suke dubawa, ekzimar jarirai ta fi kama kumatu da goshi da kai da bayan hannu da ƙwauri, wajen famfas kuma yawanci ta kan bar shi saboda kullum da danshi. Ta tambaya ko akwai mai asma ko yawan atishawa a gidan, na ce babanta da inhela yake yawo, ta gyaɗa kai. Sannan ta raba min abin da na daɗe ina haɗawa, wai abin da mu muke ce wa ekzima a nan, farin tabon nan da ke fitowa manya a wuya da ƙirji, kyasbi ne, shi ƙwayar cuta ce ke kawo shi kuma maganinsa daban. Wannan na yarinyar ba ɗauka ake ba kuma ba ƙazanta ba ce, fatar ce bata riƙe ruwa yadda ya kamata, sai ta bushe ta tsattsage, duk abin da ya taɓa ta kuma, sabulu ne turare ne, ya shige ya tayar da ƙaiƙayi.

Da na faɗa mata zancen kirim mai aiki uku sai da ta ajiye biro. Ta ce yawancinsu akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, zaki ga wajen ya kwanta cikin kwana biyu ki yi ta murna, amma a fuskar jariri yana sa fata ta yi siriri ta yi haske, kuma jikinsu yana zuƙarsa fiye da na babba. Ita haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 ta rubuta mana, shi ne mara ƙarfin, ta ce a shafa kaɗan a inda ya tashi kawai, sau biyu a rana na kwana biyar, mu dawo ta gani. Sauran aikin duk ta ce na wanka ne da mai.

Wankan ne muka sha daru da Hajiya, dan ita a wajenta jariri in ba a gasa shi da ruwa mai zafi an dirje shi da soso ba to ba a yi wanka ba. Yanzu ga yadda nake yi. Sau ɗaya a rana, ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda in na tsoma gwiwar hannuna ba zan ji zafi ba kuma ba zan ji sanyi ba, ba a ɗiga komai a ciki, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba turare. Minti biyar zuwa goma mun fito. Soso na ajiye shi gaba ɗaya, da tafin hannu nake wanke ta, abin wankan ma na ruwa ne mara ƙamshi mara kumfa sosai, kuma wuya da hammata da wajen famfas kawai yake taɓawa, kumatun ruwa zalla. In na ciro ta bana goge ta, tawul nake dannawa a hankali in bar jikin da ɗan laima, kafin minti uku na shafe ta da mai tun ruwan bai gudu ba. Da can sai na tsaya neman kaya da safa da hula tukun, kafin in waiwayo iskar hunturu ta busar da ita ƙayau.

Man kuma, abin haushi abin dariya, basilin ne fari wanda ba turare, irin wanda ke kan madubin kowa. Da cokali mai tsafta nake ɗiba ba da yatsa ba dan kar in zuba datti a robar, in shafa daga sama zuwa ƙasa yadda gashi ya kwanta ba murzawa ba, har sai ta yi ƙyalli. Duk jiki safe da dare, fuska da hannu kuma kusan duk canjin famfas, sannan kafin in bata nono ina ɗan shafa mata a kumatu da haɓa saboda nono da yawu in suka zauna a wajen tayar da shi suke. Ranakun da muke sa maganin likita ina barin tazarar kamar rabin awa tsakaninsa da basilin. Mai yana tafiya fa, roba babba bata yi mana sati biyu a lokacin sanyin nan. Man zaitun da nake ji da shi ma likitar ta ce in bar shi, wai yana iya ƙara raunana irin wannan fatar. Abu ɗaya da ta ja min kunne a kai, kayan da suka sha basilin saurin kama wuta gare su, dan haka kaskon turaren wuta da na gawayi sun bar ɗakin, daman hayaƙin ma ba ya mata daɗi.

Kwana biyar kumatun ya rufe, a sati na biyu ta fara baccin awa huɗu a jere. Inda ciwon ya kwanta ya bar fari-fari, na tsorata na ɗauka maganin ne ya ɓata mata fuska, likitar ta ce haka baƙar fata take yi bayan ta warke, launin zai dawo amma sai an yi watanni. Kuma bai tafi gaba ɗaya ba, randa aka sa mata rigar sanyi mai gashi-gashi ba tare da 'yar auduga a ciki ba washegari wuyan ya tashi. Abin da aka ce in na gani kar in tsaya shafe-shafe in taho asibiti shi ne ɓawo mai ruwan ɗorawa kamar zuma ta bushe, ko ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi, ko ƙuraje masu ruwa da suka fito a cunkushe lokaci ɗaya suna fashewa, wannan na ƙarshen ko dare ne.

Da har na yi niyyar in ce saitin ba laifinsa ba ne, tunda ciwon ya riga shi zuwa, kuma man nasu ni na ƙarar da shi a ƙafata bai min komai ba, ƙila yaron da fatarsa lafiya lau ya yi amfani da shi ya zauna lafiya. Amma duk sanda na tuna na tura wa matar nan hoton kumatu yana ruwa ta ce in ci gaba har da ƙarin kirim, sai in ji raina ya sake ɓaci. Da na koma na ce mata likita ta ce a daina, ko sannu bata ce ba, sitika ta turo min ta hannu biyu a haɗe, bayan kwana biyu kuma na ga ta sa tallan saitin da rubutun "maganin ekzima". Tauraro ɗaya na bata, shima na kwandon ne, yana nan ina zuba safar yarinyar a ciki.