Injin ƙyanƙyasa yana wuce 37.5: kilamfin ko bak-kalkuleshan?

"Salam ƴan uwa. Na haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino, hita da PWM, na sa PI a 37.5. Duk sanda na kunna shi da sanyi sai ya haura har 42 da wani abu, ya daɗe a can kafin ya sauko. An ce waindof ne, wani ya ce in yi kilamfin wani ya ce bak-kalkuleshan. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam malam. Kafin ka taɓa komai ka buɗe Serial Plotter ka fitar da abu uku, P da I da abin da ke zuwa wa hita. In ka ga zafi ya riga ya wuce 37.5 amma hita tana nan a ƙure, I kuma ya yi sama can nesa da iyakar hitar, to waindof ɗin ke nan, kar ka ɓata lokaci kana rage Kp.

Tunda ba ka ba mu lambobinka ba bari in ɗauki wasu. A ce hita daga 0 zuwa 100 take, Kp = 20, Ki = 0.05 a sakan (wato Ti = 400), ɗaki yana 25, kuma kamar 30 ake bukata don riƙe 37.5. Kana kunnawa giɓin 12.5 ne, P kaɗai ya kai 250, hita kuwa ba ta da abin da ya wuce 100. Shi intigireta, wato I, bai san da wannan ba, aikinsa kawai tara giɓi, ya yi ta tarawa kamar mai bin bashi. In injin ya ɗau minti 20 kafin ya iso, matsakaicin giɓi wajen 6, ka ga 0.05 × 6 × 1200 = 360 ke nan. To ga ka a 37.5 daidai, P ya koma sifiri, amma I yana 360, hita tana ci gaba da wuta. Ko da zafi ya wuce da digiri 5, P ɗin -100 ne kawai, sai I ya sauko 200 kafin hita ta fara sassautawa, kuma 0.25 yake zubarwa a sakan, wajen minti 11 ƙwanka suna gasuwa.

Kilamfin shi ne mai sauƙin, in hita ta ƙure kuma giɓin yana ƙara tura ta wajen da ta ƙure, ka daina tarawa. A nan e shi ne giɓin, v abin da kwanturola ya nema, u kuma abin da ke zuwa wa hita:

```
v = Kp*e + I;
u = constrain(v, 0, 100);
if (v == u || e*(v - u) < 0) I += Ki*e*dt;
```

Wancan sharaɗi na biyu kar ka cire shi, shi ne ke bari I ya zube da zarar giɓi ya juya. A lissafinmu I zai zauna a sifiri har sai P ya sauko ƙasa da 100, wato a 32.5, daga nan ne zai fara tarawa. Babu wata sabuwar lamba da za ka yi ta gyarawa. Illarsa ita ce wani lokaci ƙarshen tafiyar yakan yi nawa, saboda I daga sifiri ya taso kuma 30 ake nema, sai ka ga zafi yana jan ƙafa a digiri ɗaya ko biyun ƙarshe. A injin ƙwai ni wannan bai dame ni ba sam, gara ya makara da ya wuce.

Shi kuma bak-kalkuleshan ba ya tsayar da tarawa, sai dai ya ɗauki bambancin abin da kwanturola ya nema da abin da hita ta iya bayarwa ya mayar wa intigireta, yana ja masa birki:

```
I += (Ki*e + (u - v)/Tt) * dt;
```

In ba a ƙure ba u da v ɗaya ne, wancan ɓangaren ya ɓace, PI ɗinka na yau da kullum ya rage. Duk rigimar tana kan Tt, lambar da ke saita ƙarfin birkin, kuma a nan mutane ke faɗawa rami. Ka sa Tt = 400, daidai da Ti, in ka warware lissafin za ka ga e ya fita gaba ɗaya, I yana tafiya ne kawai zuwa 100, bayan minti 20 yana wajen 95. Ya fi 360 nesa ba kusa ba, amma har yanzu hita ba za ta sassauta ba sai dab da 37.5, kuma 95 ina 30 ina, za ka wuce dai, kaɗan. Ka sa Tt = 100 kuwa, da farko I har ƙasa da sifiri zai gangara don P ya yi yawa (kar ka tsorata in ka gani a filota, haka yake), sannan ya riƙa hawowa yayin da P ke sauka, hita ta fita daga ƙurewa wajen 34.5 da I kusa da 40. Ka ga ya iso da kayansa kusan daidai, abin da kilamfin ba ya yi maka.

To me zai hana a sa Tt ƙarami sosai? In kana da D, ƙaramin tsalle a karatun sensa zai ƙure hita na ɗan lokaci, Tt ƙarami kuma ya kwashe maka I ɗin da aka daɗe ana tarawa. Shi ya sa Åström da Hägglund suka ba da shawarar Tt ya fi Td ya kuma gaza Ti, kamar √(Ti·Td). Kuma kar ya yi ƙasa da dt ɗinka, lissafin kansa zai fara rawa. In a Simulink kake gwaji, bulok ɗin PID Controller yana da duka biyun, Kb ɗin da za ka gani a can shi ne 1/Tt.

Af, in laburaren PID_v1 kake amfani da shi, shi yana datse I ne tsakanin iyakokin SetOutputLimits, wanda kusan sakamakon Tt = Ti ɗin can zai ba ka. Wasu wannan suke kira kilamfin, amma ba shi na rubuta a sama ba.

Ni a naka injin kilamfin zan sa, layi ɗaya ne kuma kuskurensa ta ɓangaren sanyi yake. Bak-kalkuleshan sai inda iyakar ba a tsaye take ba, ko inda kake iya auna abin da akcuweta ya yi da gaske, kamar bawul mai motar da ke buɗewa a hankali, ko madauki biyu ɗaya cikin ɗaya, sai ka zuba ainihin abin da aka auna a wurin u, shi ke nan yana bin gaskiya.

Abu ɗaya da ya taɓa cina: Arduino yana kan batir, hita tana kan wutar NEPA. Aka ɗauke wuta, zafi ya fara sauka a hankali, v bai kai 100 ba tukuna don haka kod bai ga wata ƙurewa ba, I ya yi ta hawa har jimillar ta kai 100 sannan ya tsaya, alhali hitar a mace take tun farko. Da aka dawo da wuta sai da ya wuce. Duka hanyoyin biyu makafi ne a nan in ba ka gaya musu ba, sai da na sa abin da ke gane akwai wuta a fin ɗaya, in babu in daskarar da I inda yake. Ka kuma gwada ɓangaren ƙasa kafin zafin Afrilu, ranar da ɗaki ya kai 40 hita tana 0 kuma ba ta iya sanyaya komai, in ba ka rufe nan ba I zai yi ta gangarawa duk yini, dare ya yi sanyi ya sauko hita ta ƙi tashi.