Kallo kyauta, kuma ba na sata ba

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da duk mutanen ƙauyenmu har zuwa Ringim. Ka tambaye ni nawa nake kashewa a kallo a nan Amurka. Ko sisi, kuma ga yadda abin ya faro.

Ranar wata Asabar na kai yara laburaren unguwarmu, sai na ga kanta guda cike da fayafayan DVD. Na ɗauki uku, na zaro kuɗi na miƙa wa matar da ke kan tebur. Ta dube ni ta ce ba a biya, kati kawai za a yi mini. Wallahi sai da kunya ta kama ni, kuɗi a hannu, mutane a bayana. Ta nemi shaida mai hotona da takardar da ke nuna adireshina, na ba ta ta wutar lantarki. Minti goma ba a yi ba kati ya fito. Sharaɗin kawai ka mayar da faifai a ranar da aka rubuta, in ka ɓatar ka biya.

Ashe katin bai tsaya nan ba. Ta sa na sauke manhajar Kanopy a waya, na zaɓi sunan laburarenmu, na shigar da lambar katin, sai ga finafinai ba talla ko ɗaya. Laburaren ne ke biyan kamfanin daga harajin mutanen gari, shi ya sa ake yanka wa kowa rabonsa na wata. Ni ban sani ba, na ƙarar da nawa cikin sati guda, dole na jira sabon wata. Kuma ba kowane laburare ke da ita ba. Idan rabona ya ƙare sai in koma Tubi, wadda ita talla ke katse ka kamar a talabijin, da kuɗin tallan ake biyan masu fim.

Nan ne zuciyata ke ɓaci da halinmu, Yaya. Fim ɗin da mai shi ya ɗora a YouTube kyauta, ladansa ke nan ka kalla a tasharsa tallan ya wuce. Amma sai mai tura finafinai a kasuwar Laraba ya sauke sau ɗaya, ya tura wa mutum ɗari a memori, ya karɓi kuɗinsa, wanda ya sha ranar ɗaukar fim bai ga kobo ba. Na san data tsada, sabis kuma sai an hau tudun bayan makaranta. To amma Arewa24 fa? Dish da rasiba kawai, ba kuɗin wata.

Duk da haka, kallon nan ni kaɗai nake yi a ɗaki. Ina kewar tabarmar ƙofar gidan Baffa, janareta na ruri, yara na ture-ture a gaba.