Na gwada turaren mai da na feshi a zafin Kano na sati uku, ga abin da na gani

Abin da ya sa na yi wannan gwaji shi ne haushi, gaskiya. A watan Afrilu zan fesa turare da ƙarfe 7 na safe in fito daga gida a Rijiyar Zaki ina jin kaina ƙamshi ko ta ina, kafin in sauka daga adaidaita a Fam Santa rabin ƙamshin ya gudu, zuwa azahar kuwa ba komai a jikina sai zufa. Kuma turaren ba na banza ba ne, kuɗi na sa na saya, da hunturu yana kai ni har la'asar. Sai na je gurin wani mai haɗa turare a cikin gari na yi mishi bayani, ya ce min Alhaji matsalar ba ta turarenka kaɗai ba ce, rana ce ke shanye shi, amma ka gwada na mai ka gani. Na ce to ya ba ni ƙamshi iri ɗaya kashi biyu. Ya zuba min zallar man a 'yar kwalba mai mil 6, irin mai ƙwallo a baki da ake murzawa, sannan ya haɗa min na feshi a kwalba mai mil 50, a gabana ya auna mil 10 na man ya cike sauran da alkohol, wato kashi 20 cikin 100 kenan. Ƙamshin kuma haɗin udu ne da sandal da almiski, da ɗan lemo-lemo a samansa.

Ranar farko na yi wanka da sabulu marar ƙamshi, na shafa na man a hannun dama, na fesa ɗayan sau biyu a hannun hagu, ban sa komai a kaya ba. Ban yarda da hancina ba, dan hanci yana sabawa da ƙamshin da ke jikinka cikin ɗan lokaci ya daina ji alhali na kusa da kai suna ji, shi ya sa za ka ga mutum yana ta ƙara fesawa har ya ishi jama'a a sahun sallah shi kuma yana ganin turaren ya tafi. Yaron shagona na sa ya dinga shinshina min yana faɗa min gaskiya.

Awa ɗaya ta farko na feshi ne ya yi nasara ba musu. Ina shiga shago maƙocina ya ce kai wannan wane turare ne, daga nesa ya ji. Na man kuwa sai ka kawo hancinka kusa da hannun. Ƙarfe 11 suka yi kusan daidai. Bayan azahar, na yi alwala na dawo, hannun hagu ya zama ba komai sai wani ɗan sauran itace-itace da sai ka dage za ka ji, hannun dama kuma almiskin da sandal ɗin suna nan daram, yaron ya ce min oga wannan ɗin har yanzu yana nan. Har magariba ana jin sa in an matso. Na shafa su ne a saman gwiwar hannu inda ruwan alwala ba ya kaiwa, saboda in ka sa a wuyan hannu kamar yadda kowa ya saba, ka wanke shi da alwalar azahar ko wane iri ne, wannan ma wani dalili ne da ba a cika lura da shi ba.

Dalilin bambancin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Alkohol abu ne mai saurin tashi, ka zuba sifirit a tafin hannu ka ga yadda yake bushewa nan take ya bar maka sanyi. Shi ne yake watsa turaren siriri a faɗin fata ya tashi da shi cikin iska, shi ya sa ake jin ka daga nesa. To fata mai zafi, a rana mai digiri 40 ko fiye kamar yadda muke gani a Afrilu, tana ƙara wa abin sauri, duk ƙamshin da ya kamata ya fita a hankali cikin awa shida sai ya fita cikin biyu ko uku. Sannan zufa ta zo, ka sa hankici ka goge wuya, ka goge da turaren. Shi kuwa mai ba ya saurin tashi, yana zaune a fata ya riƙe ƙamshin yana sakin sa kaɗan-kaɗan. Ga shi kuma a nawa gwajin zallar turare ce a kwalbar man, ta feshin kuwa kashi ɗaya ne cikin biyar, dole a faɗi wannan in za a yi adalci.

Amma fa akwai abin da na fahimta a sati na biyu wanda ya fi min duk wannan amfani. Ba kowane turaren mai ne yake daɗewa ba. Matata tana da wani na mai shi ma, mai ƙamshin lemo da furanni, na ara na gwada, wallahi awa biyu bai cika ba ya ɓace. Ashe irin ƙamshin ma yana da nasa. Su lemo da na'a-na'a da duk ƙamshin da kake ji wasai yana sanyaya rai, marasa nauyi ne, su ne suke fara tashi ko a mai ko a feshi. Ɗan lemon da ke saman nawa ma a duka hannuwan bai wuce rabin awa ba. Masu zama su ne masu nauyi, udu, sandal, almiski, ambar, banila. Shi ya sa humrar da iyayenmu mata suke sawa take kwana a jiki da kaya, kayan haɗin ta masu nauyi ne. Dan haka in ka je saye kar ka yanke hukunci da abin da ka ji a bakin kwalba, wannan saman ne kawai. Ka sa a shafa maka a hannu ka tafi ka gama cefanenka ka zaga kasuwa cikin rana, in bayan awa biyu yana nan kuma har yanzu yana maka daɗi, ka dawo ka biya.

Sai maganar shafa basilin kafin turare, da na sha ji ana faɗa. Na gwada, kuma tana aiki, musamman ga na feshi. Busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi. Ɗan mitsitsi nake lakata, in murza a gurin har ya daina ƙyalli, sannan in fesa a kai. Ya ƙara min kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a lissafin yarona. Kar dai a cika shi, a wannan zafin in ka lafta basilin a wuya ko ƙirji zufa za ta taru a ƙarƙashi, ni kwana biyu na yi haka a ƙirji ƙurajen zafi suka feso min. Na koma gwiwar hannu da bayan kunne kawai. Na gwada man kaɗanya ma, yana riƙewa sosai amma ɗanyen yana da warinsa na kansa da ya canza min turaren, ban ji daɗin haɗin ba.

Yanzu aibin na man, dan yana da shi kuma ya ɓata min rai. Wata Juma'a na saka farar shadda, ina sauri, na murza kwalbar kai tsaye a wuyan rigar da gefen aljihu. Udu ɗin nan launinsa ruwan ƙasa ne. Ya bar min tabo biyu, mai wanki ya yi iya yinsa, launin ya ragu amma shatin maiƙon bai gama fita ba sai a wanki na uku, kuma ya ce da an riga an sa dutsen guga a kai da ya zauna kenan. Tun daga nan na man ba ya taɓa min kaya kai tsaye. In ina so ya shiga riga sai in murza a tafin hannu, in bari ya shiga fata sosai, sannan in shafa ta cikin rigar inda ba a gani. Na biyu, in ya yi yawa a cikin zafi yana da hawa kai. Ranar da na shafa guri biyar muka tsaya a go-sulo a Kabuga, ni kaina sai da kaina ya fara sarawa, balle wanda ke zaune kusa da ni. Murza biyu ko uku ta isa. Kuma in jiki ya riga ya yi zufa kar a ɗora udu a kai, haɗuwar su ba ta da daɗi ko kaɗan, a goge gurin da ruwa ya bushe tukun.

Na feshin da na raina kuma ashe gurin da nake fesa shi ne ba daidai ba. A sati na uku na daina fesa shi a fata na koma kaya, in tsaya da kwalbar kamar taki ɗaya daga rigar in fesa sau uku, da sau ɗaya a cikin hula. Yadi ba shi da zafin jiki kuma zaren yana kama ƙamshi. Rigar da na cire da daddare washegari da safe ana jin turaren a jikinta. Nawa bai yi tabo ba saboda ruwan fari ne, amma wanda yake da launi a fara gwada shi ta ciki. Masu ƙin na feshi saboda alkohol kuma, malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, kowa ya tambayi malaminsa, na man dai ya raba shi da wannan damuwar.

Ajiya ma tana da ruwa a ciki. Wani abokina a mota yake barin turarensa, motar tana yini a rana, da na shinshina kwalbar saman ƙamshin ya yi wani tsami-tsami kuma ruwan ya ƙara duhu. Zafi da haske suna lalata turare kowane iri. Nawa a cikin durowa suke nesa da taga, 'yar kwalbar man ce kawai take bi na a aljihu, ita ma a tsaye dan ƙwallon yana ɗan yoyo in ta kwanta ta yi zafi.

Abin da ban ji daɗinsa ba a harkar shi ne ba ka da tabbas a kan abin da aka zuba maka. Akwai masu sirka man da wani ruwa mai kauri marar ƙamshi har ya yi yawa, a kwalba kamar gaske, a jiki awa ɗaya ya mutu. Kauri ba shi ne kyau ba. Shi ya sa nake cewa a fara da mil 3 a gwada kwana biyu kafin a sayi tola guda.

Yadda nake yi yanzu shi ne bayan wanka, jiki ya bushe, murza ɗaya a bayan kowane kunne da ɗaya a saman gwiwar hannu, feshi uku a riga, sai in ƙara murza ɗaya bayan la'asar in zan je wani guri. Mil 6 ɗin nan bayan sati uku ko rabi ban ci ba, na feshin kuwa ya yi ƙasa sosai. In na koma gurin mai haɗa turaren, na man zan ƙara saya, amma zan ce ya ba ni wanda ba shi da launi saboda fararen kayana.